Takardar sallama biyu ga mai jego ɗaya: nazarin wani lamari daga Damagaram

Matar da zan ba da labarinta shekarunta 24, haihuwarta ta uku ke nan. Ba zan faɗi sunanta ba, balle na ƙauyensu. Abin da ya shafe mu shi ne tafiyar wajen kilomita 40 ce daga cikin garin Damagaram, kuma mota ba ta shiga ƙauyen sosai sai ranar kasuwa. An kawo ta asibitin da nake aiki kwana 19 da haihuwa, tana haki, ƙafafu sun kumbura har cinya. Mahaifiyarta ta ce dare huɗu ke nan ba ta kwanta ba, a zaune take barci ta jingina da bango.

Da muka ɗora ta kan sikeli kilo 61 ta yi. Tansiyo 11/7, bugun zuciya 118 a minti ɗaya, huhu kuma duka ɓangarorin biyu ana jin ruwa a ƙasa. Hoton zuciya, wato eko, ya nuna zuciyar ta buɗe ta yi laushi. A kowane bugu kashi 30 cikin 100 kawai na jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu take iya turawa, alhali ta mai lafiya takan tura fiye da rabi. Ciwon zuciyar masu jego ne, wanda ke zuwa a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa ya san shi, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawansa.

Jinyar ba ta ba mu wahala ba. Allurar furosemid ta jijiya don fitar da ruwa, abinci ba gishiri, daga baya muka shigo da enalafiril da sifironolakton. Cikin kwana tara ta sauko kilo 53, tana kwanciya da matashin kai ɗaya, tana shayar da ɗanta. Kilo takwas ɗin da ya tafi ba nama ba ne, ruwa ne, kusan lita takwas.

Ni na rubuta takardar sallamarta, ranar da ake jiran gadon, mutum uku na tsaye a kaina. Da Faransanci muke rubutawa, kamar kowace takardar asibiti a Nijar, amma ga ma'anarta duka: sunan ciwon a taƙaice da haruffa huɗu, CMPP, sai "ta samu sauƙi da magani", sai "a duba takardar magani", sai "ta dawo bayan wata ɗaya". Na sa hannu, na buga hatimi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Kwana 24 bayan haka aka dawo da ita da dare, kilo 60, leɓɓa sun yi duhu.

Abin da ya faru a tsakani

Sai da ta farfaɗo na zauna da mahaifiyarta, sannan na nemi lambar majo, wato shugaban ƙaramin asibitin yankinsu, na kira shi. Daga bakinsu biyu labarin ya haɗu.

Maigidanta maganin kwana goma kuɗinsa ya iya saye ranar sallama. Da ya ƙare, gidan suka ɗauka an gama, domin duk maganin da suka saba da shi, na zazzaɓin cizon sauro ne ko na ciwon ciki, ƙarewarsa ita ce ƙarshen jinya. Ba wanda ya faɗa musu wannan na watanni ne, ko kuma an faɗa a tsaye ana gaggawa. Ita kuwa tana gidan iyayenta wankan jego, arba'in bai cika ba. Uwar ta ga ƴarta ta dawo daga asibiti ta rame, ta koma dama mata kunun kanwa safe da yamma don ta yi ƙarfi, nono ya kawo.

Na ce mata, "Inna, ba a hana ku kanwa ba?"

Ta ce, "Likita, gishiri aka ce. Gishiri kuwa ko ƙwaya ban sa mata ba."

Gaskiyarta. Gishiri muka ce. Sai dai abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, sodiyom, shi ne dai cike da kanwa. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan ko kanwa da wankan ruwan zafi ne ke haddasa ciwon tun farko, amma ba mai musun cewa zuciyar da ta riga ta raunana ba ta ɗaukar wannan lodi.

Wajen kwana 16 da sallama ta fara tari da dare, ga ciwon baya, aka kai ta wurin majo. A nan ne takardata ta samu damar yin aikinta, ta kasa. Majo ya karanta, ya gane ciwon zuciya ne, amma takardar maganin tana wurin maigidan a wani ƙauye, saboda haka bai san me aka ba ta ba, bai san ta daina sha ba. Ya auna ta kilo 57, ya rubuta a karne, wato ɗan littafin asibitinta. Ya ce mini, "Dokta, na ga 57, to 57 daga nawa? Mace mai tsawonta 57 ai ba abin tsoro ba ne." Da na rubuta 53, da nan take ya san lita huɗu na ruwa sun taru. Ya ba ta amoksisilin don tari, da dikulofenak don baya. Dikulofenak da danginsa suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna kuma rage ƙarfin furosemid, shi ya sa ake nisanta su daga mai raunin zuciya. Kwana takwas bayan nan sai ga ta a gadonmu.

Ban ga laifin majo ba, har yau. Mutum ne mai ganin mutane da dama a yini, yara masu zazzaɓi, masu awon ciki, masu rauni. Kayan aikinsa sikeli, abin awon tansiyo, abin sauraren ƙirji, da gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ni da ke da eko da ɗakin gwajin jini, na kwana tara da ita, na aika masa da haruffa huɗu.

Takarda ta biyu

Kwanciya ta biyu ta ɗauki kwana 11. Wannan karon tun ana saura kwana biyu na fara rubutun, da tambaya ɗaya a raina: idan matar nan ta shigo wa majo ranar Talata da hantsi, babu rezo, ba zai same ni a waya ba, me yake bukata ya gani a shafi ɗaya?

Na fara da sunan ciwon a cike, ba taƙaitawa, da jimla ɗaya ta bayani: zuciya ta raunana bayan haihuwa, eko na rana kaza ya nuna kashi 30 cikin 100, wannan ita ce kwanciya ta biyu, kuma dalilinta yankewar magani, kanwa, da dikulofenak. Tarihin kowace rana a asibiti, allurar da aka yi ran Litinin da wadda aka canza ran Laraba, duk na bar su a fayil ɗinmu. Sababbin likitoci sukan cika shafi biyu da irin wannan, su zo wurin da ake bukata tawada ta ƙare.

Sai yadda take a ranar fita, da lambobi. Nauyi kilo 52.5, da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo, ba goyo a baya. Tansiyo 10/6. Bugun zuciya 88. Ba kumburi, huhu a bushe, tana kwanciya da matashi ɗaya. Wannan layin na tansiyo yana da aiki biyu. Wanda bai san 10/6 shi ne daidai ɗinta a kan wannan magani ba, zai iya tsorata ya dakatar da enalafiril, ko ma ya ɗaura mata ƙarin ruwa, wanda shi ne mafi munin abin da za a yi mata. Na rubuta a fili: tansiyo 10/6 ba tare da jiri ba, ba a taɓa komai.

A kan nauyin na ƙara wani abu da kwanciyar farko ta koya mini. Sikelinmu da na ƙauye ba lalle su yi daidai ba, bambancin kilo ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma kilo ɗaya a nan rabin alamar haɗari ne. Saboda haka na roƙi a auna ta a can cikin kwana uku da komawa, a rubuta abin da aka samu a gefen nawa, daga nan a riƙa kwatantawa da lambar sikelinsu. Ya samu 53. Ita ce ta zama ma'auninsa.

Sakamakon jini na sa guda uku kawai: kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, miligiram 9 a lita; fotasiyom, sinadarin jini da yawansa ke cutar da zuciya, 4.2; himogulobin, mai nuna ko akwai ƙarancin jini, 10. Na rubuta ma'aunin kiriyatinin a cike da gangan. Mutanenmu suna tsallakawa Daura da Kano neman magani, kuma ɗakunan gwaji ba da ma'auni ɗaya suke ba da sakamako ba. Miligiram 9 a lita shi ne 0.9 a desilita, shi ne kuma wajen maikuromol 80 a lita. Lamba tsirara ba ma'auni tana iya sa a ce ƙoda ta mutu alhali lafiyarta lau.

Maganin, ɗaya bayan ɗaya

A nan na fi daɗewa. Ban sake cewa "a duba takardar magani" ba, tunda na ga yadda takardun biyu ke rabuwa: ɗaya ta bi mai biyan kuɗi, ɗaya ta bi mara lafiya. Kowane magani na ba shi abu huɗu a cikin takardar sallamar kanta: nawa, yaushe, don me, har zuwa yaushe.

Furosemid miligiram 40, ƙwaya ɗaya da safe, don fitar da ruwa. Na ƙara cewa shi ne lazilis, magani ɗaya ne mai suna biyu, domin na taɓa ganin wanda ke shan duka biyun yana zaton daban suke. Enalafiril miligiram 2.5, wato rabin ƙwayar miligiram 5, safe da dare, don sauƙaƙa wa zuciya aiki ta samu ta murmure. Za a ƙara shi sannu a hankali, amma mu za mu ƙara, bayan gwajin jini. Sifironolakton miligiram 25, ƙwaya ɗaya a rana. Sai maganin ƙarin jini na wata uku. A gaban ukun farko na rubuta: ba a dainawa don ta ji sauƙi, aƙalla har eko na wata shida, idan ya kusa ƙarewa a sabunta. Kuma duka ba su hana shayarwa, don kada wani ya ce a yaye jariri.

Akwai maganin da ya kamata ta samu wanda ban fara ba, mai rage gudun zuciya. Ba a fara irinsa sai ruwa ya gama sauka jiki ya daidaita. Na rubuta haka, da cewa za a fara shi a ganinmu na gaba. Abin da aka bari da gangan idan ba a faɗa ba, mai karatu zai ɗauka mantuwa ce, ko ya cike gurbin da kansa.

Sai abin da aka hana, shi ma da sunansa: dikulofenak, ibufurofen, da duk maganin ciwon jiki na ƴan tebur da masu yawo da shi a kasuwa. Idan baya ya dame ta, farasetamol. Ban da kanwa, ban da gishiri, ban da dunƙulen miya. Ban da ƙarin ruwa sai an yi magana da mu.

Batun ciki ya samu layinsa daban. Enalafiril yana cutar da ɗan tayi, kuma sabon ciki kafin zuciya ta dawo daidai yana iya kashe uwa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu isturojin ba su dace da ita ba, saboda suna ƙara haɗarin daskarewar jini, wanda dama raunin zuciyar ya ƙara. Mun zauna da ita da maigidanta, suka amince da ashanar hannu, aka sa mata kafin ta fita. Na rubuta ranar da aka sa, don kada a can a ɗora mata wani.

Idan kaza ya faru, a yi kaza

Wannan sashen ne ya mayar da takardar abin aiki, kuma shi ne nake ganin ba a cika rubutawa ba. "A sa mata ido" ba umarni ba ne. Ido a kan me, sau nawa, kuma idan an gani a yi yaya?

Na nemi awo sau biyu a mako a watan farko, daga nan sau ɗaya: nauyi, tansiyo, bugun zuciya, danna ƙafa a ga ko yatsa ya bar rami, da tambaya ɗaya, matashi nawa take kwana da shi. Idan nauyi ya hau da kilo 2 cikin kwana uku, ko ya kai 55 a sikelinsu, amma tana numfashi lafiya: a ƙara ƙwaya ɗaya ta furosemid da azahar har kwana uku, a binciki ko ta daina magani ko an koma kanwa, a kira ni. Idan bai sauka ba a turo ta. Idan tana haki a zaune, ko ta kasa kwanciya, ko bugu ya wuce 120, ko tansiyo ya sauka ƙasa da 9 da jiri, ko wani ɓangaren jiki ya mutu ko baki ya karkace, ba jira: a turo ta a zaune, ba a kwance ba, ba ƙarin ruwa a hannu.

Na kuma rubuta kishiyar wannan, domin haɗarin ba ta gefe ɗaya yake zuwa ba. Zafin Damagaram a watan Afirilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Mai shan maganin fitar da ruwa idan gudawa ko amai ya same ta a irin wannan lokaci, jiki kan bushe, ƙoda ta tsaya, fotasiyom ya hau, musamman da enalafiril da sifironolakton a tare. Saboda haka: gudawa, amai, ko nauyi ya sauka da kilo 2 tare da jiri, a dakatar da magungunan uku, a kira.

Abin da ƙaramin asibitin ba zai iya ba ban ɗora masa ba. Gwajin kiriyatinin da fotasiyom ana so a maimaita shi cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan fara waɗannan magunguna, kuma a can ba su da na'urar. Rubuta "a duba fotasiyom" ga wanda ba shi da abin dubawa wanke hannu ne kawai. Na rubuta cewa mu za mu yi, na sa rana da wuri, na sa ranar eko na wata shida, sannan sunana da lambar wayar sashenmu yadda za a iya karantawa.

Kofi uku aka yi. Ɗaya a fayil, ɗaya na maƙala a cikin karnenta da kaina, na ukun kuma, da izininta, na ɗauki hotonsa na tura wa majo kai tsaye, ba cikin zauren da mutum hamsin ke gani ba. Na bi da kiran minti uku. Sannan na zauna da ita da mahaifiyarta na fassara musu da Hausa, na sa uwar ta maimaita mini. Da ta zo kan abin da aka hana, ta ce, "Gishiri, da kanwa, da ɗan dunƙule." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To likita, me ya rage a miya?" Muka yi dariya, muka yi lissafin albasa, tafarnuwa, citta da barkono.

Yadda ta kaya

Takardar ba ta fita ba aibu ba. Ranar gwajin jinin da na sa ta faɗo kwana biyu kafin kasuwarsu, ba mota, ba su zo ba. Majo ne ya lura, ya kira, muka mayar da ita ranar kasuwa. Gwajin da ya kamata a yi a kwana na 10 sai a na 19 aka yi shi. Allah ya sa kiriyatinin 10 ne, fotasiyom 4.6. Tun daga nan kafin in sa wa mutumin ƙauye rana sai na tambayi yaushe kasuwarsu ke ci. Kuɗin magani ma bai daina zama matsala ba, sai dai yanzu idan ya kusa yankewa akwai mai ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kowane awo.

A mako na bakwai, tsakiyar bazara, gudawa ta kama ta. Majo ya auna ta 50.8, tansiyo 9/6, tana ganin jiri idan ta miƙe. Ya dakatar da magungunan uku, ya ba ta ruwan gishiri da sukari na fakiti tana kurɓa kaɗan-kaɗan, abin da a wannan halin ya halatta duk da hanin gishiri, bai ɗaura ƙarin ruwa ba. Sai da yamma ya samu rezo. Da ya kira, cewa ya yi, "Dokta, na riga na yi abin da ke layi na ƙarshe, ina so dai ka sani." Bayan kwana biyu gudawar ta tsaya, tana ci tana sha, nauyi ya koma 52.5. Muka mayar da enalafiril da furosemid, sifironolakton kuma sai da aka sake gwajin jini ran kasuwa.

Eko na wata shida ya nuna kashi 42 cikin 100. An samu ci gaba, amma bai kai 50 da muke nema ba, saboda haka magani ya ci gaba, ashana ta zauna a hannu. Ta zo da karnen a cikin leda, takardar ta yi laushi don ninki, bayanta cike da rubutun majo, kwanan wata da nauyi da tansiyo, layi 31. Na cire ta na sa a fayil, na rubuta sabuwa da nauyinta na yanzu, kilo 55, tare da bayanin cewa wannan ƙarin ƙiba ce ba ruwa ba, don haka lambar haɗari ta tashi daga 55 ta koma 57.